Katin memori ya ce a yi masa fomatin: kada ka danna tukuna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a Sabon Gari, nan Maradi. Ina da katin memori mai giga 32 a wayata, na daɗe ina aiki da shi. Jiya da dare waya ta mutu ba caji ina cikin ɗaukar bidiyo, da na kunna sai ta ce katin ya lalace, in danna Formater. Hotunan ɗinkina duk suna ciki, da bidiyon mahaifina da ya rasu. Wani mai tura waƙoƙi a kasuwa ya ce in kawo ya yi fomatin, daga baya ya dawo min da kayan. In yarda? Ban taɓa komai ba tukuna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta.

Kada ka yarda. Kashe wayar yanzu, ka zare katin, ka naɗe shi a takarda ka ajiye inda ba zai ɓata ba. Kada ka mayar da shi cikin wayar don ka sake gwadawa, kada kuma ka sa shi a wayar aboki ko a rediyo. Duk wayar Android da ta ga kati tana iya rubuta ƴan fayilolinta a kansa ba tare da ta tambaye ka ba, kuma rubutu a kan katin nan shi ne abin da muke gudu har sai kayanka sun fita. Da yake ba ka danna komai ba, ka yi abin da ya fi muhimmanci.

Bari ka fahimci abin da ya faru, domin in ka gane shi ba wanda zai ruɗe ka a kasuwa. A farkon kowane kati akwai wani ɗan wuri da ba hoto ba ne, ba bidiyo ba ne. Wurin nan ne ke faɗa wa waya irin tsarin katin, girmansa, sunan kowane fayil da inda aka ajiye gutsattsarinsa. Kamar littafin mai sito ne: in littafin ya yage, buhunan suna nan jibge a cikin sito, sai dai ba a san na wane ne ba, ba a san inda na wane ya ƙare ba. Waya tana cikin ɗaukar bidiyo tana yawan komawa ta sabunta wannan lissafi. In wuta ta ɗauke mata a tsakiyar rubutun, sai lissafin ya tsaya rabi sabo rabi tsoho. Da ta farka ta duba ba ta gane abin da ke wurin ba, sai ta faɗi abin da kawai ta sani, wato a share a yi sabon tsari. Saƙon ba yana nufin hotunan sun tafi ba ne.

Shi mai tura waƙoƙin ba ƙarya zalla ya yi maka ba, shi ya sa maganar tasa take da haɗari. Gaskiya ne cewa in an yi fomatin na gaggawa a kwamfuta, yawancin hotunan suna nan kuma akwai manhajar da za ta iya tsinto su. Amma fomatin ɗin yana rubuta sabon lissafi fanko a daidai wurin da tsohon yake, kuma tsohon nan, ko da ya ji rauni, shi ne ke riƙe da sunayen fayiloli da foldodi, shi ne kuma ya san yadda za a jera gutsattsarin bidiyo mai tsawo. Bidiyon mahaifinka ya fi kowane hoto bukatar wannan lissafi. Sannan in hannunsa ya kuskure ya cire alamar da ke kan Quick Format, ko Formatage rapide a kwamfuta mai Faransanci, Windows tun daga Vista sifili yake bi yana rubutawa a kan katin daga farko har ƙarshe. Bayan wannan babu wani gwani a duniya da zai dawo maka da komai. Wasu wayoyi da kyamarori ma, in su suka yi fomatin, umarnin gogewa na gaske suke aika wa katin. Ba a fara gyara da abin da ba ya warwaruwa.

Tambaya ɗaya zan yi maka kafin a kai katin wurin kwamfuta, kuma ka natsu ka tuna. Ranar da ka fara sa katin, wayar ta tambaye ka ko za a yi amfani da shi a matsayin ma'ajiyar cikin waya ko ta ɗauka-da-cirewa? Tun daga Android 6 wasu wayoyi suna ba da wannan zaɓi. In ka zaɓi ma'ajiyar ciki, to wayar ta kulle duk abin da ke katin da mabuɗin sirri, mabuɗin kuma yana cikin wayar nan taka kaɗai. Irin wannan kati, ko lafiyarsa ƙalau, da an sa shi a kwamfuta za ta ce a yi fomatin, kuma duk manhajar da aka bi da ita ba za ta tsinci hoto ko ɗaya ba. Alamar gane shi mai sauƙi ce: in ka taɓa zare katin ka ba wani ya tura maka wa'azi ko fim, ko ka sa shi a wata waya ya buɗe, to ba a kulle yake ba, mu ci gaba. In kuwa a kulle yake, abin da zan roƙe ka shi ne kada ka bari kowa ya yi wa wayar filashin ko ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, kada kuma ka danna inda aka ce a manta da katin. Ranar da mabuɗin ya tafi, katin ya zama ba shi da amfani ko da babu abin da ya same shi.

Yanzu ka samu mutum mai kwamfuta da ka yarda da shi, ka je da kanka, ka nuna masa wannan amsar. Zai fi kyau ƙaramar kwamfuta mai batir mai kyau, saboda ka san halin wutar garin nan, kuma aikin ba ya son a katse shi. A tabbata akwai fili a cikinta da ya kai ninki biyu na girman katin, wato giga 64 ko fiye. Kafin a sa katin, a goge layukan zinariyar da ke bayansa da busasshen ƙyalle mai laushi. Ƙurar hunturu da gumin aljihu suna hana su haɗuwa da kyau, kuma na ga katunan da wannan kaɗai ne ciwonsu. A yi amfani da rida, wato abin karanta kati a kwamfuta, mai kyau ta USB, ba wayar ba. In ta babbar adafta za a sa shi, a tura ɗan makullin da ke gefenta zuwa Lock. Adafta da rida masu araha su ma suna yawan lalacewa, don haka in abu bai yi ba a canza rida kafin a yanke wa katin hukunci.

Da an sa shi, Windows zai fito da saƙo cewa sai an yi fomatin, a danna Cancel ko Annuler. In ya ce Scan and fix, shi ma a ƙi. Sai a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta wannan:

```
diskmgmt.msc
```

Abin da za ku gani a nan shi ne zai gaya mana ko aikin namu ne ko ya fi ƙarfinmu. Ku dubi girman da aka rubuta wa katin. Kati mai giga 32 yana nuna 29 da ƴan kai, mai 16 yana nuna 14 da ƴan kai, mai 64 yana nuna wajen 59. Wannan ba sata ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙera kati da kwamfuta. In girman ya fito daidai kuma an rubuta RAW a gefensa, ka yi hamdala, domin katin yana raye, lissafinsa ne kawai ya rikice. Wannan nake zato a naka. In kuwa aka rubuta No Media, ko girman ya fito sifili, ko kati mai giga 32 ya koma ƴan mega kaɗan, ko kuma katin ya ɗau zafi har ya ƙona yatsa, to ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da katin ce ta mutu. A nan a tsaya. Babu manhajar da za ta karanta abin da kwamfuta ba ta gani. Ƙaramin katin waya dunƙule guda ne, ba a buɗe shi, sai dai ƙwararru masu kayan aiki na musamman su kankare bayansa su haɗa wayoyi kai tsaye, aiki mai tsada da ba a yi a teburin kasuwa. In ka duba ka ga tsaga a jikinsa, ko da siririya ce kamar gashi, yawanci magana ta ƙare.

Mu ɗauka girman ya fito daidai. Matakin da yawancin masu gyara suke tsallakewa shi ne wanda na fi damuwa da shi: a kwafe katin gaba ɗayansa, tun daga ƙwayar farko har ta ƙarshe, zuwa fayil guda a cikin kwamfuta, sannan a zare katin a ajiye, duk sauran aikin a yi shi a kan kwafin. Dalili biyu ne. Na ɗaya, ba mu san ko katin ya fara gajiya ba, kuma katin da ke gab da mutuwa wani lokaci karatu ɗaya ya rage masa, bai kamata a ƙarar da shi wajen gwaje-gwajen manhaja biyar ba. Na biyu, in aka yi kuskure a kan kwafi, asalin yana nan. Akwai ƙaramar manhaja kyauta mai suna Win32 Disk Imager. A buɗe ta, a zaɓi harafin katin, a ba fayil ɗin suna kamar `kati.img`, a danna Read. A kula sosai, Read ne, ba Write ba. Write zai rubuta a kan katin ne. Zai ɗau lokaci gwargwadon saurin rida, a bar shi ya gama. Fayil ɗin da zai fito girmansa daidai da na katin ne, ko da hotunan da ke ciki ba su da yawa.

In ya tsaya a tsakiya da saƙon kuskuren karatu, wannan shaida ce cewa jikin katin ya fara lalacewa. Kada a yi ta maimaitawa. A nemi wanda ya iya Linux ya yi da `ddrescue`, wadda take tsallake wuraren da suka ƙi karantuwa ta kwashe masu kyau tukuna, daga baya ta dawo ta lallaɓi masu wuyar:

```
lsblk
sudo ddrescue -d /dev/sdb kati.img kati.map
```

Umarnin farko shi ne zai nuna sunan katin na gaskiya. `sdb` misali ne kawai, a duba girman a tabbatar kafin a rubuta na biyu.

Da kwafi ya samu, sai TestDisk da PhotoRec. Manhajoji biyu ne da ke zuwa tare a ƙunshi ɗaya, kyauta ne, wani Bafaranshe mai suna Christophe Grenier ne ya rubuta su, ana sauke su daga shafin CGSecurity. Ba su da kyan gani, baƙin allo ne da rubutu, da kibiyoyin allon rubutu ake tafiya a cikinsu, amma da su nake fara aiki kullum. Ba na son manhajojin da za su nuna maka hotunanka sannan su ce sai ka biya, kuma kwafinsu na sata da ke yawo a filas sau da yawa da birus suke zuwa. Su kuwa manhajojin waya masu alkawarin dawo da hotuna, abin da galibinsu ke tsintowa ƴan ƙananan hotunan leƙe ne da galari ta ajiye, waɗanda in ka buɗe su za ka ga sun dusashe.

TestDisk ake fara gwadawa, domin ita ce ke iya dawo da kaya da sunayensu. Bari in ba ka labarin wani kati da ya zo hannuna don ka ga yadda abin yake tafiya. Na wata Hajiya ce mai sayar da atamfa da leshi, mai giga 16, ɗanta ya zare shi waya tana kunne. Ya nuna 14 da ƴan kai, RAW. Muka kwafe shi lafiya ba kuskure, muka ajiye fayil ɗin a foldar manhajar, muka buɗe `cmd`, wato baƙin allon rubuta umarni na Windows, a cikin foldar, muka rubuta wannan:

```
testdisk_win.exe kati.img
```

Muka danna Proceed, muka bar irin tsarin da ita manhajar ta haska da kanta, muka shiga Advanced, muka zaɓi ɓangaren katin, sannan Boot. Allon ya nuna layi biyu: Boot sector, an rubuta Bad, Backup boot sector, an rubuta OK. Katunan da ba su wuce giga 32 ba, irin naka, galibi tsarin FAT32 suke zuwa da shi, kuma wannan tsari yana ajiye kwafin shafinsa na farko a wani wuri kaɗan gaba, saboda rana irin wannan. Muka zaɓi Backup BS muka amince, aka mayar da kwafin a gurbin wanda ya lalace, duk a cikin `kati.img`, ba a jikin katinta ba. Da muka danna List sai ga DCIM, ga Download, ga foldar da ta sa wa suna da kanta ta hotunan kaya. Ƙaramin `a` ya zaɓi duka, babban `C` ya kwafe su zuwa wata folda a kwamfuta. Hotunanta suka fito da sunayensu da ranakunsu.

Ba kowane kati ne ke da wannan sauƙin ba. In layin biyu duk sun ce Bad, akwai Rebuild BS da ke ƙoƙarin sake gina shafin daga abin da ya rage. In ɓangaren katin ma bai bayyana ba, a koma baya a shiga Analyse, sannan Quick Search, in ya gano wani abu a danna `P` a ga ko fayiloli za su fito. In suka fito, a kwafe su nan take, ba sai an tsaya gyaran komai ba. Burinmu kayan su fita, ba katin ya warke ba.

In TestDisk ta gaza, ko ta fito da sunaye masu rikitattun haruffa, sai PhotoRec:

```
photorec_win.exe kati.img
```

Ita ba ruwanta da lissafin katin. Bi take yi daga farko zuwa ƙarshe tana neman alamar da kowane irin fayil yake farawa da ita, in ta ga farkon hoto sai ta kwasa har ƙarshensa. A File Opt a bar `jpg`, `png`, `mov`, `mp3` da `ogg`. Shi `mov` ɗin ya haɗa har da bidiyon waya na mp4 da 3gp. Sai Search, sai Other, in ta tambaya a zaɓi Whole, a nuna mata folda a cikin kwamfuta. Za ta zuba kayan a foldodi masu suna `recup_dir.1`, `recup_dir.2` da sauransu, fayilolin kuma da lambobi maimakon suna, irin `f0123456.jpg`. Za ka sha aikin tantancewa, amma ranar da aka ɗau hoto tana rubuce a cikin hoton kansa, ana iya jera su da ita.

A nan ne zan gaya maka iyakar abin, don kada ka sa rai fiye da kima. Hotunan ɗinkinka ina da kyakkyawan zato a kansu ta kowace hanya, domin hoto ƙarami ne, yawanci a wuri ɗaya yake kwance. Bidiyo daban ne. Katin da aka daɗe ana gogewa ana ƙarawa, filinsa ya zama gutsi-gutsi, don haka bidiyo mai tsawo yakan rabu, wani yanki nan wani can. PhotoRec ba ta san inda yanki na biyu yake ba, sai ta haɗa na farko da abin da ke biye da shi, fayil ya fito da girma amma ya ƙi buɗewa, ko ya fara ya tsaya. In bidiyon mahaifinka tun katin yana sabo aka ɗauke shi, akwai yiwuwar a jere yake, zai fito lafiya. In ya ƙi buɗewa, a gwada shi a manhajar kunna bidiyo ta VLC kafin a ce ya mutu, kuma kada a goge `kati.img`, domin wanda ya fi ƙwarewa zai iya sake nema a ciki ko bayan shekara. Shi kuwa bidiyon da kake ɗauka lokacin da wayar ta mutu, kusan tabbas ba zai buɗe ba. Waya sai a ƙarshen ɗauka take rubuta bayanin da ake kunna bidiyo da shi, kuma ba ta kai can ba.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: PhotoRec ba ta san abin da ka goge da gangan ba. Hotunan iyali da aka share tun bara za su iya fitowa tare da sauran. Shi ya sa na ce ka je da kanka ka zauna. Da an gama, a kwafe maka kayanka da `kati.img` a filas ɗinka, ka buɗe ka tabbatar sun shiga, sannan a goge na kwamfutar a gabanka.

Za ka ji wasu suna cewa a yi `chkdsk` da `/f`, an gama. Wani lokaci yana sa kati ya buɗe, amma a jikin katin yake rubutu, kuma damuwarsa lissafi ya daidaita, ba hotonka ya tsira ba. Abin da bai gane ba yakan yanke shi ya tara a wata folda `FOUND.000` da sunaye irin `FILE0000.CHK`. Ban hana shi ba bayan kaya sun fita. Kafin nan, a'a.

Tunda ka ambaci mai tura waƙoƙi, akwai ciwo na biyu da ake kawo min kusan kullum, wanda bai kai naka tsanani ba. Kati ya dawo daga wurin turi, an buɗe shi ba komai, ko kuma foldodin sun koma masu ƴar kibiya a gindinsu, amma in ka duba girma sai ka ga a cike yake. Wannan birus ne da ke ɓoye foldodi ya ajiye na bogi a madadinsu. Kada a danna masu kibiyar, dannawar ce ke sa ya kama kwamfuta. A kwamfuta mai tsabta a buɗe `cmd` a rubuta, in harafin katin E ne:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Foldodin za su bayyana, wani lokaci a cikin wata folda marar suna. Haka nan in galari ce kawai ba ta nuna hotuna amma manhajar fayiloli tana ganinsu, a nemi wani ɗan fayil mai suna `.nomedia` a foldar, shi ne ke ce wa galari ta kau da kai. Sannan ƙananan wayoyi masu maɓalli da rediyoyi masu cin kati da yawa ba su san exFAT ba, tsarin da katunan giga 64 zuwa sama suke zuwa da shi. Ka sa musu lafiyayyen kati su ce a yi fomatin. Mutane da yawa sun share kayansu a haka, katin bai yi laifin komai ba.

Saura abin da za ka yi nan gaba. Babban abin da ke cinye hotunan mutane a garin nan, a ganina, jabun kati ne. Za ka ga an rubuta 64 ko 128 a jikinsa, da sunan babban kamfani, kuɗinsa kuma bai kai na mai 16 na gaske ba. An yi masa dabara ne ya riƙa faɗa wa waya girman ƙarya, alhali cikinsa giga 8 ne ko ƙasa. Watannin farko lafiya lau. Ranar da ka wuce girmansa na gaskiya, sababbin hotuna za su riƙa nuna suna amma ba sa buɗewa, ko kuma su koma su hau kan tsofaffi har su taka lissafin katin, sai ka ga saƙon fomatin. Abin da ya faɗa ramin nan ba ya dawowa, domin tun farko ba a ajiye shi ko'ina ba. Naka da ya daɗe yana aiki mai yiwuwa na gaske ne, in dai ka taɓa cika shi. Amma duk sabon katin da za ka saya, kafin ka sa masa hoto ko ɗaya, a gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, ita ma kyauta ce. Tana cika katin da bayanai ta sake karantawa. A zaɓi katin a Select target, a danna Write + Verify. Na gaske zai ce Test finished without errors. Na jabu zai nuna giga nawa ne OK, nawa ne DATA LOST. Gwajin yana cin lokaci, don haka ka yi sharaɗi da mai shago tun wajen biya cewa in ya faɗi za ka dawo da shi. Mai kaya na gaskiya ba zai ƙi ba.

Ka raba kati biyu. Wanda ke zuwa kasuwa a tura masa wa'azi da fim daban, wanda ke riƙe da aikinka da hotunan gida daban, kuma na biyun ba ya shiga kwamfutar kowa. Kada ka zare kati waya tana kunne. Ka kashe ta, ko ka shiga saitin ma'ajiya ka danna Eject, a Faransanci Éjecter. In caji ya yi ƙasa sosai ka haƙura da bidiyo, musamman in batirin ya tsufa yana mutuwa ba sallama. Kada ka bar waya a rana ko a kan injin caji har ta yi zafi jau a watannin bazara, zafi yana rage wa kati kwana. In kuma wata rana ka ga ka goge abu ya dawo, ko ka ɗau hoto ya ƙi zama, katin ne ya kulle kansa saboda ya gaji. A ranar ka kwashe kayanka, domin karatu kaɗai ya rage masa.

Hotunan ɗinki jarinka ne, da su kake nuna wa mai kawo aiki abin da hannunka ya iya, don haka kada su zauna a wuri ɗaya. Ƙaramin filas mai shiga gindin waya ya isa, duk Juma'a bayan ka rufe shago ka kwafe sababbin. Asusun Google da ke wayarka yana da giga 15 kyauta, in ka samu intanet mai sauƙi ka ɗora mafi muhimmanci a can. Bidiyon mahaifinka kuwa, in Allah ya sa ya fito, ka ba ƴan'uwanka biyu ko uku kowa ya ajiye, kuma a tura shi a matsayin fayil, ba ta hanyar da WhatsApp ke matse bidiyo ya rage kyansa ba.

Shi wannan katin, in kwafinsa ya tafi ba kuskure ko ɗaya, bayan ka buɗe kayanka ka tabbatar da su a wuri biyu, za ka iya yi masa fomatin a cikin wayar, a gwada shi da H2testw, in ya ci ya ci gaba da aiki. In kuwa ya yi tuntuɓe wajen karatu ko sau ɗaya ne, kada ka sake ba shi amanar komai, amma kada ka yar, ka ajiye shi yadda yake. In kun kai matakin `diskmgmt.msc`, ka turo min girman da ya nuna da abin da aka rubuta a gefensa kafin ku ci gaba.